Yadda ake mayar da bidiyon kwance na tsaye ba tare da an yanke mai doki ba

Bayan sallar da ta wuce, wani ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ya turo mini wani guntun hoto da ya ɗauka a wajen hawa, ya ce: "Yaya, duba mini wannan, na sa a status amma dokin ya ɓace." Na buɗe na gani. A ainihin abin da ya ɗauka, wani mahayi ne cikin rawani da alkyabba ya fito daga hagu a sukwane, ya ratsa fili, ya ja linzami a dama. Hoto ne mai kyau ƙwarai. A wanda ya sa a waya kuwa, daƙiƙoƙin farko ba ka ganin komai sai ƙasa da jama'ar da ke can nesa, sai doki ya gilma kamar walƙiya, sai kuma ƙura. Manhajar da ya yi amfani da ita ta yanko tsakiyar hoton ta zubar da gefe biyu, alhali mahayin bai daɗe a tsakiyar ba.

Wannan matsala ta zama ruwan dare tun da kallo ya koma WhatsApp da TikTok da Reels na Instagram da Shorts na YouTube, inda ake riƙe waya a tsaye. Kyamarori kuwa, da talabijin, da yawancin tsofaffin bidiyon da mutane ke da su a ajiye, duk a kwance suke. Matsalar ma ta girmi wayar hannu. A 1953 aka fara nuna finafinai masu faɗin gaske na tsarin CinemaScope a sinimomin Amurka, kuma da aka zo nuna irinsu a akwatin talabijin na da, mai kusan kusurwa huɗu daidai, sai da aka riƙa zaunar da ma'aikaci yana zaɓen ɓangaren hoton da za a nuna, yana matsawa hagu da dama. Aikin da ƙanena ke fama da shi ke nan, sai dai nasa ya fi tsanani, domin abin da zai zubar ya fi yawa.

Bari mu fara da lissafin, don shi ne ke bayyana komai. Hoton bidiyo an gina shi ne da ƙananan ɗige-ɗige da ake kira fiksel. Bidiyon kwance da aka fi sani yana da fiksel 1920 a faɗi, 1080 a tsayi, wato ma'aunin 16:9. Na tsaye kuma akasin haka ne, 1080 a faɗi, 1920 a tsayi, ma'aunin 9:16. Idan kana son cika allon waya daga sama har ƙasa, dole ka yanko wani tsiri daga cikin na kwancen wanda ya ɗauki dukkan tsayinsa. Faɗin tsirin shi ne 1080 sau 9 a raba da 16, abin da ya ba da 607.5. Ana mayar da shi 608, saboda tsarin matse bidiyo da wayoyi ke amfani da shi ya fi son lamba mai rabuwa biyu. To, 608 cikin 1920 bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Fiye da kashi biyu cikin uku na abin da mai kyamara ya ɗauka zai tafi.

Ni nakan kira wannan tsiri taga. Ka ɗauka kana da kwali mai rami a tsaye, ka ɗora shi a kan hoton, kana iya jan sa hagu ko dama. Duk aikin bai wuce amsa tambaya ɗaya a kowace daƙiƙa ba: ina tagar za ta tsaya? Wanda ke jan tagar ya zama mai kyamara na biyu, yana sake ɗaukar abin da aka riga aka ɗauka, kuma duk ladubban da ake nema wajen mai kyamara na gaske ana neman su a wajensa.

Kafin a taɓa tagar akwai asara ta biyu da mutane ba sa lura da ita sai sun gama. Tsirin nan mai faɗin 608 sai an buɗa shi ya kai 1080 kafin ya cika waya, wato an ƙara masa girma kusan ninki 1.8. Ƙara girma ba ya ƙara bayani, sai dai ya baje wanda ke akwai, shi ya sa fuska kan yi laushi, aikin zaren da ke jikin alkyabba ya dushe. Idan asalin bidiyon mai tsayin 720 ne, tsirin 405 kawai zai kasance, a buɗa shi fiye da ninki biyu da rabi. Idan kuwa wanda ya riga ya zaga ta WhatsApp ne, an matse shi an rage masa nauyi, to sakamakon kan fito da dabbare-dabbare. Saboda haka abu na farko da na ce wa ƙanena shi ne ya bar kwafin da ke wayarsa, ya koma kan katin kyamara ya ɗauko na asali. Mai 4K kuwa ya huta. Hotonsa 3840 ne da 2160, tsirinsa ya kai faɗin 1215, ya ma zarce abin da ake buƙata, rage shi za a yi ba buɗawa ba.

Yanzu ga bidiyon dokin. Tsawonsa daƙiƙa goma sha biyu ne, kyamara tana kan ƙafarta ba ta motsi. Na ce masa ya kalla sau uku ba tare da ya taɓa komai ba, ya rubuta a takarda inda mahayin yake a lokutan da tafiyarsa ta sauya. Ana ƙirga wuri daga gefen hagu, daga 0 zuwa 1920. Daga farko har daƙiƙa ta 2 dokin yana tsaye yana tattaki, ƙirjin mahayin yana wajen 400. Daga ta 2 zuwa ta 8 ya yi sukuwa. Daga ta 8 zuwa ƙarshe yana tsaye a wajen 1500, mahayin ya ɗaga hannu yana jinjina. Wurare biyu ke nan da tafiya ɗaya a tsakaninsu, ba ƙari.

Don mahayin ya zauna a tsakiyar taga, gefen hagun tagar zai kasance a bayansa da rabin faɗinta, wato 304. A farko ke nan 400 a cire 304, saura 96. Amma ba a sa mai tafiya a tsakiya cif. Ana bar masa fili a gabansa, ta inda ya dosa, domin idon mai kallo yana son ganin inda za a je. Idan hancin doki yana dukan gefen allo, sai mutum ya ji ƙunci ko da bai san dalili ba. Don haka muka tura tagar gaba kaɗan, ta fara daga 150. A ƙarshe 1500 a cire 304 ya ba da 1196, muka ƙara filin gaba ya zama 1250. Nan sai a kula, tagar ba za ta iya wuce 1312 ba, wato 1920 a cire 608, nan bangon yake. Da mahayin ya tsaya can ƙurewar dama, da babu dabarar da za ta kawo shi tsakiya.

Daga 150 zuwa 1250 tafiyar fiksel 1100 ce cikin daƙiƙa shida, kimanin 183 a kowace daƙiƙa. A manhajar waya irin CapCut ba sai ka rubuta waɗannan lambobi ba. Za ka zaɓi ma'aunin 9:16, ka buɗa hoton da yatsu biyu har ya cika sama da ƙasa, ka kai shi daƙiƙa ta 2, ka daidaita mahayin, ka danna alamar nan mai siffar lu'ulu'u da ake kira keyframe. Ma'anarta ita ce, a wannan lokaci hoton ya tsaya a nan. Sai ka tafi daƙiƙa ta 8, ka ja hoton har mahayin ya sake zama inda kake so, alama ta biyu ta zauna. Manhajar ce za ta cike tafiyar da ke tsakani. Abu ɗaya da ke rikita masu koyo shi ne, a manhaja tagar ba ta motsi, hoton ake ja a ƙarƙashinta. In doki ya yi dama, kai hagu za ka ja.

Wanda ke aiki da kwamfuta kuma yana da FFmpeg, wadda kyauta ce, zai iya yin wannan da layi ɗaya:

```
ffmpeg -i hawa.mp4 -vf "crop=608:1080:'clip(150+(t-2)*183,150,1250)':0,scale=1080:1920,setsar=1" -c:a copy tsaye.mp4
```

Harafin t shi ne lokaci a daƙiƙa. Kalmar clip tana hana tagar yin ƙasa da 150 ko wuce 1250, shi ya sa take tsaye a farko, ta yi tafiya, ta sake tsayawa. Sautin kuma an kwafe shi yadda yake.

Da muka kalli sakamakon farko, mahayin bai fita daga allo ba, amma abubuwa uku sun bayyana, kuma kowannensu yana koyar da wani abu.

Na farko, tagar ta tashi da ƙarfi lokaci guda, ta kuma tsaya cak kamar an taka burki. Doki ba ya haka. Yakan ɗauki gudu a hankali, ya kuma rage kafin ya tsaya, saboda haka a daƙiƙa ta 3 tagar ta riga shi, a ta 6 kuma ya kusa tsere mata. Maganin shi ne a lanƙwasa saurin tafiyar, ta fara a hankali, ta yi sauri a tsakiya, ta sauka a hankali. Manhajoji da yawa suna da wannan a ƙarƙashin sunan Ease ko Graphs. Ƙanena ya so ya gyara ta wata hanyar, ya riƙa dasa alama kowane rabin daƙiƙa don mahayin ya zauna daram a wuri ɗaya. Na hana shi, kuma a nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Doki a sukwane yana tsalle gaba yana dawowa, kan mahayi yana sama yana ƙasa. Idan taga ta bi kowane motsi, mahayin zai tsaya cik amma duniyar da ke bayansa za ta riƙa karkarwa, kuma mai kallo a ƙaramin allo zai ji jiri. Gara a bar mahayin ya ɗan yi yawo a cikin tagar, ya matsa gaba kaɗan, ya dawo, muddin bai taɓa gefe ba. Alama uku muka ƙare da su, ɗaya muka ƙara a daƙiƙa ta 5. Yadda za ka gane ka cika alamomi shi ne ka daina kallon mutumin, ka kafa ido a kan wani abu da ba ya motsi a baya, bango ko itace. In yana tafiya sumul, aikinka ya yi. In yana fizga, rage alamomi.

Na biyu ya fi wuya, domin ba shi da cikakken magani. Doki in ya ba ka gefe, tsawonsa ya fi tsayinsa. A tsakiyar fili, inda ya fi kusa da kyamara, daga hanci zuwa wutsiya ya kai fiksel 750, tagar kuwa 608 ce. Ba zai shiga ba, ko me za ka yi. Dole a zaɓa. Mu mun zaɓi mahayin da kan dokin da kwalliyar ƙirjinsa, muka sadaukar da wutsiya da ƙafafun baya na kamar daƙiƙa biyu, saboda mai bidiyon mahayin ne ya biya, kuma fuskarsa da rawaninsa yake son 'yan uwa su gani. Da mai dokin ne ke son nuna dabbarsa don sayarwa, da wannan zaɓi ya zama kuskure. A irin wannan hali sai a haƙura da cika allo. A yanko murabba'i mai 1080 da 1080, wanda ba ya buƙatar buɗawa ko kaɗan, a ajiye shi a tsakiya, a cike sama da ƙasa da kwafin hoton da aka dusar, ko da launi ɗaya da rubutu. Akwai kuma matsakaici, ma'aunin 4:5, mai tsiri 864. Mutane da yawa suna raina wannan hanya ta dusasshen baya, suna ganin aikin ragwaye ne. Ni ina ganin ta fi mutunci a duk inda faɗin shi ne labarin: jerin dawaki a jahi, sahun masallata a filin idi, 'yan wasan ƙwallo suna kai hari. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne matse hoton ta gefe don ya shiga, mutane su zama dogaye sirara kamar karan dawa.

Na uku sai mai ido yake gane shi. A lokacin sukuwar, mahayin ya ɗan yi hazo, jama'ar da ke baya kuma sun fito tar. Dalili shi ne kyamarar ba ta bi shi ba lokacin ɗauka. Kowane hoto guda cikin 25 da ake ɗauka a daƙiƙa yana buƙatar ɗan lokacin da idon kyamara ke buɗe, kuma a cikin wannan lokaci dokin ya matsa, ya bar shafa. A bidiyon kwance ba a damuwa, ido yana karɓar hakan a matsayin gudu. Amma da taga ta bi shi ta tsayar da shi a gaban ido, sai hazon ya tonu. Babu maɓallin da zai cire shi sarai. Darasi ne na ranar ɗauka: in ka san za a yanka, ƙara saurin rufewar idon kyamara, ko ka bi mai gudun da kyamarar tun a fili.

Mai karatu zai ce, ai akwai manhajojin da ke yin duk wannan da kansu. Akwai. Adobe ta sa Auto Reframe a cikin Premiere Pro a 2019, Google ta saki AutoFlip kyauta ga masu rubuta manhaja a 2020, Final Cut Pro tana da Smart Conform, DaVinci Resolve kuma tana da Smart Reframe a nau'inta na kuɗi. Yadda Google ta bayyana tata ya nuna tsarin aikin: a raba bidiyon a duk inda hoto ya sauya, a nemo fuskoki da abubuwan da suka fi jan ido a kowane yanki, sannan a zaɓi ko tagar ta tsaya wuri ɗaya, ko ta zarce a hankali, ko ta bi abin. In abubuwan da dole a nuna ba za su shiga ba, sai ta koma ga cike sama da ƙasa. Ga mutum ɗaya da ke magana a gaban kyamara, malami a kan kujera ko mai tallan kaya, waɗannan manhajoji suna aiki sosai kuma suna rage wahala.

A filin hawa labarin ya bambanta. Manhaja ba ta san wanda ya biya kuɗin aiki ba. Fuska take nema da motsi, mahayinmu kuwa ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ga dogarai cikin ja da kore, ga yaro ya gilma kusa da kyamara da fuska a buɗe. Da muka gwada, tagar ta bi dokin da kyau har daƙiƙa ta 6, sai ta karkata wajen yaron, ta dawo a makare. Ba laifi a bar manhaja ta yi zubin farko, amma sai an zauna an kalla daga farko har ƙarshe, an goge alamomin da ta dasa ba daidai ba. Wuraren da ta fi yin tuntuɓe sanannu ne: inda wani ya gilma ta gaba, inda mutum ya juya baya, da inda mutum biyu suke nesa da juna.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne abin da masu yanko guntayen hira da na finafinan Kannywood ke haɗuwa da shi kullum. Mutum biyu suna zaune, ɗaya a hagu ɗaya a dama, tsakaninsu tebur. In ka sa taga a tsakiya, tebur za ka nuna da kafaɗu biyu. In ka riƙa jan ta daga wannan zuwa wancan duk lokacin da magana ta sauya baki, kan mai kallo zai juya. Abin da ya fi shi ne yanka: a datse bidiyon daidai inda mai magana ya sauya, tagar ta yi tsalle nan take zuwa ɗayan, kamar da kyamara biyu aka ɗauka. Kuma ba dole ne kullum a nuna mai magana ba. Wani lokaci fuskar mai sauraro, uwar da ake gaya wa labari mai nauyi, ita ce abin kallo, kuma manhaja ba za ta san haka ba. Idan maganar tana kai-komo da sauri, sai a raba allon biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne ya samu 1080 da 960. Haka kuma duk inda ainihin fim ɗin ya sauya hoto, tagar ma tsalle za ta yi a daidai wurin. Kada a bar ta tana zamewa daga tsohon matsayi zuwa sabo bayan hoto ya riga ya sauya.

Rubutun da aka riga aka manna a jikin hoto shi ma abin lura ne. Fassarar Turanci da ke ƙasan finafinan Hausa da yawa, da sunan mai magana a shirin labarai, an shimfiɗa su ne don faɗin 1920. Taga za ta cinye farkon jimla da ƙarshenta. In akwai kwafin da ba a sa wa rubutu ba, shi za a nema. In babu, a rufe tsohon da faifan launi a sake rubutawa a gajerun layuka. Sabon rubutun kuma kada ya sauka can ƙasa, domin TikTok da Reels suna ɗora sunan mai shafi da bayaninsa a ƙasan allo, maɓallansu kuma a gefen dama. Ni nakan bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa babu wani abu mai muhimmanci. Wannan ya shafe mu a bidiyon dokin: kofatai da ƙurar da suke tayarwa sun faɗa daidai inda rubutun manhaja ke zama, kuma da yake tagar ta riga ta cinye dukkan tsayin hoton, babu sararin ɗaga ta ko sauke ta. A status na WhatsApp, inda abin da ke rufe hoto bai kai haka ba, sun fito lafiya.

Da muka gama, na ce masa ya tura wa kansa a waya ya kalla a can, ba a allon kwamfuta ba, sau ɗaya da sauti, sau ɗaya babu. Kallon da babu sauti ne ya nuna mana cewa a daƙiƙa ta 9, lokacin jinjina, hannun mahayin da ya miƙa gaba ya fita ta gefen dama. Muka matsar da alamar ƙarshe daga 1250 zuwa 1290, saura fiksel 22 kacal mu kai bango, hannun ya shigo.

Da babbar sallah ya koma filin da kyamarar a kan 4K. Ya manna siraran tef guda biyu a kan allonta, suka raba shi uku, ya riƙa bin kowane mahayi yana riƙe da shi a tsakanin tef ɗin, ya kuma ja da baya taku kaɗan don doki ya shiga tsirin da wutsiyarsa.